Kwana talatin da ba namu ba: yadda na karanta sanarwar tantance fanshon Baba

Takardar ta iso gida ranar Talata, 11 ga Maris, a cikin ambulan mai ruwan ƙasa, ɗauke da sunan Baba da lambar fanshonsa. Ƙanwata ce ta karɓa, ta ajiye min a kan tebur har na dawo daga aiki. Shafi uku ne, da wani na huɗu da aka maƙala a baya, wanda aka rubuta "Rataye na 1" a kansa da ƙananan haruffa. Na karanta kanun, na ga sanarwa ce ta tantance masu karɓar fansho, idona ya sauka a kan layin da aka yi wa baƙin rubutu mai kauri, inda aka ce wajibi ne kowane mai fansho ya bayyana da kansa a cibiyar tantancewa cikin kwana 30, in ba haka ba a dakatar da kuɗinsa. Nan na tsaya. Na ƙirga kwana 30 daga ranar da takardar ta shigo hannunmu, na samu 10 ga Afrilu, na ce wa ƙanwata akwai sauran lokaci, na ninke takardar na sa a aljihun jaka. A cikin wannan ɗan karatun na minti biyu na yi kuskure uku, kuma ban gano ko ɗaya ba sai bayan kwana biyu.

Baba yana da shekara 78, kuma shekara ta biyu ke nan da ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama. Yana magana a hankali, yana gane kowa, amma ba ya iya tsayuwa sai an riƙe shi, kuma zama a kujera fiye da rabin awa yana gajiyar da shi ƙwarai. Da wannan fanshon ake sayen maganinsa. Abin da ya dame ni a lokacin shi ne yadda za mu kai shi cibiyar, don haka ranar Alhamis, 13 ga wata, na nemi izini a wurin aiki na tafi ofishin da ya aiko takardar, in tambaya ko za su yarda ma'aikaci ya fito ya same shi a cikin mota. Na isa wajen ƙarfe tara, na karɓi lamba, na zauna a benci kusan awa biyu da rabi. Tun a bakin ƙofa wani saurayi ya tare ni yana cewa yana da fom ɗin tantancewa na sayarwa, wai na ciki ya ƙare. Ban saya ba don ban san ma wane fom nake nema ba, kuma daga baya na ga sanarwar da kanta ta faɗa a sakin layi na 10 cewa dukkan fom kyauta ne, ba a biyan ko sisi a kowane mataki.

Da layi ya zo kaina, na tarar da wata dattijuwar ma'aikaciya mai tabarau a bayan kanta. Na gaishe ta, na yi mata bayanin halin da Baba ke ciki. Ta miƙo hannu ta karɓi takardar, ta buɗe shafi na biyu kai tsaye, ta ɗora yatsa a kan sakin layi na 6, ta ce, "Ɗana, ka karanta nan?" Na ce na dai duba sama-sama. Ta ce, "To ba sai kun wahalar da tsoho ba, mu za mu je gida mu same shi. Amma wa'adinka ba kwana 30 ba ne. Litinin ɗin nan mai zuwa ƙofar za ta rufe." Na ji gabana ya faɗi. Na ce, "Hajiya, ai shekaranjiya takardar ta zo mana." Ta juya shafin farko, ta nuna min kusurwar sama ta dama inda aka rubuta 3 ga Maris, ta ce lissafi daga nan yake tashi, ba daga ranar da ɗan aike ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ba. Ta ba ni fom guda, ta ce in je gida in karanta takardar tun daga farko har ratayen, in dawo gobe kafin ƙarfe biyu.

Daren nan bayan Baba ya yi barci na zauna da takardar, da biro, da kalanda, da farar takarda guda. Na raba farar takardar gida huɗu, na rubuta a kan kowane gida tambaya ɗaya: wa aka ɗora wa, me zai yi, zuwa yaushe, me zai faru in bai yi ba. Sai na bi sanarwar sakin layi bayan sakin layi, duk jimlar da ta ce a yi wani abu in sauke ta a ƙarƙashin waɗannan gidaje. Ban taɓa karanta takarda da irin wannan natsuwa ba, kuma sai a lokacin na lura sanarwar tana da tsari, ba tarin magana ba ce kawai. Sakin layi na 1 ya faɗi waɗanda abin ya shafa, wato duk wanda ya fara karɓar fansho kafin farkon shekarar, don haka Baba yana ciki. Na 2, wanda na tsallake a karon farko saboda ya yi min kama da surutun lauyoyi, shi ne ma'anar kalmomi, kuma a nan ne duk rikicin yake kwance. An ce "ranar sanarwa" tana nufin ranar da aka rubuta a saman takardar. An ce "kwana" yana nufin kowace rana ta kalanda, har da Asabar da Lahadi. An ce "ranar aiki" tana nufin Litinin zuwa Juma'a, ban da ranakun hutun da hukuma ta ayyana. An kuma ce wajen ƙirga wa'adi ba a sa ranar farko a lissafi, ana farawa ne daga washegari.

Da wannan na sake ƙirga wa'adin da ke baƙin rubutu, wato na sakin layi na 4. Ranar 4 ga Maris ita ce ta ɗaya, ranar 31 ga Maris ta 28, don haka kwana 30 ya cika ranar Laraba, 2 ga Afrilu. Ba 10 ga Afrilu ba. Ko da Baba lafiyarsa ƙalau, da na bi lissafina na farko da mun je bayan an rufe da kwana takwas, daidai kwanakin da takardar ta yi a hanya. Wannan ne kuskurena na farko.

Sai sakin layi na 6, wanda na karanta ya fi sau biyar. Ga ma'anar abin da ya ce, kusan kalma da kalma: duk da abin da sakin layi na 4 ya tanada, mai fanshon da ya kai shekara 80 ko fiye a ranar sanarwa, ko wanda likita ya tabbatar ba zai iya zuwa cibiya ba saboda rashin lafiya, yana iya neman a tantance shi a gida, da sharaɗin ya miƙa buƙatarsa a rubuce cikin ranakun aiki 10 daga ranar sanarwa, tare da takardun da aka lissafa a Rataye na 1. Jimla ɗaya ce, amma kowace ƙaramar kalma a cikinta tana da aiki. "Duk da" tana nuna cewa wannan sakin layin ya fi na 4 ƙarfi a kan waɗanda ya ambata, wato togaciya ce daga dokar da ta hau kan kowa. "Ko" tana nuna hanya biyu ce, ɗaya ta isa, kuma wannan ya kwantar min da hankali, domin ƙanwata ta karanta ta ce ai Baba bai kai 80 ba, ba mu ciki. Ba ta hanyar shekaru muke shiga ba, ta hanyar rashin lafiya ce. "Yana iya" tana nuna dama ce aka ba shi, babu wanda zai zo gida don kawai an san ba shi da lafiya, sai an nema. Kalmar da ta fi kowace nauyi kuwa ita ce "da sharaɗin", domin duk abin da ya biyo bayanta dole ne, in aka rasa shi damar ta tafi, a koma kan dokar kowa da kowa. Kuskurena na biyu shi ne rashin karanta wannan sakin layin gaba ɗaya. Na uku shi ne zaton cewa takarda ɗaya wa'adi ɗaya take da shi.

Na ɗora yatsa a kan kalanda na ƙirga ranakun aiki. Talata 4 zuwa Juma'a 7 ranaku huɗu ne. Litinin 10 zuwa Juma'a 14 ranaku biyar, sun zama tara. Litinin 17 ita ce ta goma. Babu ranar hutu a tsakani, na duba sau biyu. Ke nan ranar da takardar ta shigo gidanmu mun riga mun shiga rana ta shida, ranar da na je ofis ta takwas, kuma abin da ya rage min Juma'a ce da Litinin. Sakin layi na 7 ya ƙara da cewa ana karɓar takardu daga ƙarfe tara zuwa ƙarfe biyu na rana, kuma ana ɗaukar buƙata ta shigo ne a ranar da ofis ya buga mata hatimin karɓa, ba ranar da aka aiko ta ba. Don haka ainihin wa'adina ƙarfe biyu na ranar Litinin ne, kuma tura takarda ta gidan waya ba zai cece ni ba.

Ratayen ya lissafa abu biyar: fom ɗin da aka cike, kwafin katin shaidar mai fansho, hoto biyu na fasfo, rahoton likita mai sa hannu da hatimin asibiti wanda bai wuce wata uku ba a ranar miƙawa, da wasiƙar wakilci idan wani ne zai miƙa a madadinsa. Na tashi na buɗe akwatin takardun Baba da fitilar waya don kada in tashe shi. Rahoton likita yana nan, mai kyau, mai bayanin komai, amma an rubuta shi a watan Oktoba. Wata biyar. Na zauna a ƙasa riƙe da shi, na rasa abin yi, domin na san ba a samun sabon rahoto a rana ɗaya. Sai na koma kan ratayen, ba don ina sa ran komai ba, na ga wata 'yar alamar tauraro a gefen abu na huɗu, wato rahoton likita. A can ƙasan shafin, da rubutun da ya fi kowane ƙanƙanta, an ce idan rahoton bai samu ba a ranar miƙa buƙata, ana iya karɓar buƙatar, muddin aka kawo shi cikin kwana 7 daga ranar da aka karɓa. Togaciya ce a cikin togaciya, ita ma da nata wa'adin, kuma a lura "kwana" aka ce a nan, ba "ranar aiki" ba.

Da asubar Juma'a na rubuta wasiƙar wakilci da hannuna, layi huɗu kacal: cewa shi mai wannan suna da wannan lambar fansho ya wakilta ɗansa ya miƙa buƙatar tantancewa a gida a madadinsa. Sakin layi na 5 ya ce wanda ba zai iya sa hannu ba ya dangwala yatsa a gaban shaida ɗaya wanda ba shi ne wakilin ba. Na kira maƙwabcinmu ya zo da katin shaidarsa. Na durƙusa gaban gadon na karanta wa Baba wasiƙar a hankali, ya gyaɗa kai, ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Na kama babban yatsansa na hagu, na taɓa shi a tawada, na danna a ƙasan rubutun, maƙwabcin ya sa hannu ya rubuta kwanan wata. Daga nan na wuce asibiti, inda aka ce likitan da ke duba Baba ba zai rubuta sabon rahoto ba sai ya gan shi, kuma ranar da ta fi kusa ita ce Talata, 18 ga wata. Na karɓi ranar, na tsaya a hanya na yi kwafi biyu na kowace takarda, na isa ofishin fansho ƙarfe sha biyu saura.

A wannan karon wani matashin ma'aikaci na samu a kanta. Ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Malam, babu rahoton likita, ba zan iya karɓa ba. Ka haɗo su duka ka dawo." Ba na ganin laifinsa sosai, mutum ɗari yake gani a rana kuma jerin abu biyar yake dubawa. Amma da na juya na tafi, da shi ke nan, domin rahoton ba zai fito kafin Litinin ba. Na ciro sanarwar, na buɗe ratayen, na nuna masa tauraron da rubutun ƙasa, na ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da takardarku ta ce." Ya karanta, ya tashi ya shiga ciki, ya yi kamar minti goma, ya dawo ya karɓa. Sai na miƙa masa kwafi na biyu na fom ɗin na roƙe shi ya buga min hatimin karɓa a kai. Ya buga, ya rubuta 14 ga Maris, ya sa hannu, ya ƙara da lambar rajista a gefe. A lokacin na yi haka ne kawai saboda sakin layi na 7 ya ce hatimi ne shaidar ranar shigowa. Ban san wannan takardar ce za ta tsaya mana bayan wata ɗaya da rabi ba.

Tun a cikin motar komawa gida na ƙirga sabon wa'adin. Asabar 15 ita ce ta ɗaya, Juma'a 21 ita ce ta bakwai. Da na ɗauka ranakun aiki ne, da na ba kaina har Talata 25, in makara da kwana huɗu. Ranar Talata muka kai Baba asibiti, ni da yayana muka ɗauke shi zuwa mota, likita ya duba shi, ya ce a zo a karɓi rahoto washegari. Kuɗin rahoton nan shi ne mafi yawa a duk abin da muka kashe, sauran kuwa hotuna ne da kwafi da kuɗin mota na zuwa da dawowa, sai kuma ranakun aiki uku da na rasa. Ranar Laraba na karɓo shi ina murna, sai da na zo gida na ajiye shi kusa da ratayen ina gwadawa, na ga akwai sa hannun likita amma babu hatimin asibiti. Ratayen "da" ya ce, sa hannu da hatimi, ba "ko" ba. Na koma ranar Alhamis da safe, na jira awa ɗaya a ofishin ajiyar bayanai aka buga, na wuce kai tsaye na miƙa shi, ranar 20 ga wata, saura kwana ɗaya. Na sa aka rubuta a bayan kwafina mai hatimi cewa an karɓi rahoton, da kwanan wata.

Bayan mako guda na koma in ji ko an sa ranar zuwa gida, sai na tarar an liƙa sabuwar sanarwa a allon bakin ƙofa, mutane sun taru suna karantawa. An ƙara wa'adin sakin layi na 4 zuwa 16 ga Afrilu saboda cunkoso. Kowa na murna. Na matsa na karanta har ƙasa, layin ƙarshe ya ce sauran sharuɗɗan sanarwar 3 ga Maris suna nan yadda suke. A benci na zauna kusa da wani bawan Allah da ya zo saboda mahaifiyarsa, mai shekara 84, ya ce ya ji an ƙara lokaci shi ya sa ya zo neman a je gida a tantance ta. Na ce masa, "Yaya, ƙarin nan na masu zuwa da ƙafarsu ne, na sakin layi na 4. Na zuwa gida yana na 6, kuma ba a taɓa shi ba." Bai yarda ba sai da ya je kanta aka faɗa masa haka. Abin ya taɓa min zuciya, domin tsohuwar ta cancanta ta kowace fuska, shekarunta kaɗai sun isa, wa'adin ne ya wuce su. Na ga dai dattijuwar nan mai tabarau ta kira shi gefe tana ce masa ya rubuta wa shugaban ofis roƙo ya faɗi ranar da takardar ta iso gare su, amma ta gaya masa gaskiya cewa wannan alfarma ce, ana iya yi ana iya ƙi. A ganina ofishin da ya san takardunsa na yin mako a hanya bai kamata ya ba marasa lafiya wa'adin da ya fi na masu lafiya gajarta ba. Amma ra'ayina ba ya canja abin da ke rubuce, kuma da abin da ke rubuce ake yanke hukunci a kanta.

An kira ni a waya ranar 17 ga Afrilu cewa za a zo ranar Alhamis, 24 ga wata. Ma'aikata biyu suka zo da na'urar ɗaukar hoto da ta zanen yatsa, suka gaishe da Baba cikin ladabi, suka tambaye shi sunansa da inda ya yi aiki, ya amsa da kansa, suka duba asalin katin shaidarsa, cikin minti ashirin an gama. Suka ba mu 'yar takardar shaidar an tantance shi. Na ɗauka magana ta ƙare. Ƙarshen wata ya zo, kuɗin Baba bai shigo ba. Muka jira kwana uku, shiru.

Da a da ne, da na tafi ofis ina faɗa ko ina roƙo. A maimakon haka na sake ciro sanarwar da farar takardata mai gida huɗu. Sakin layi na 8 ya ce za a dakatar da fanshon duk wanda ba a tantance ba har wa'adi ya cika. Baba kuwa an tantance shi ranar 24, bayan 16 ga Afrilu, don haka na fahimci sunansa ya faɗa cikin jerin waɗanda aka dakatar. Amma sakin layi na 9 ya fara da cewa tanadin na 8 ba zai hau kan wanda ofis ya karɓi buƙatarsa a ƙarƙashin sakin layi na 6 cikin wa'adi ba, har sai an yanke hukunci a kanta. Ya kuma ce wanda aka dakatar bisa kuskure ya rubuto ƙorafi cikin kwana 21 daga ranar da ya kamata a biya shi. Wa'adi na huɗu ke nan a takarda ɗaya. Na rubuta wasiƙa gajera, ban sa labarin wahalarmu a ciki ba. Na sa lambar sanarwar da ranarta, sunan Baba da lambar fanshonsa, na ce an karɓi buƙatarsa ranar 14 ga Maris a ƙarƙashin lambar rajista kaza, an cika ta ranar 20, an tantance shi ranar 24 ga Afrilu, don haka bisa sakin layi na 9 dakatarwar ba ta shafe shi ba. Na maƙala kwafin fom mai hatimi, gaba da baya, da kwafin shaidar tantancewa. Asalin takardun na riƙe su a hannuna. Ma'aikacin da ya karɓa ya karanta, ya ɗago ya ce, "Wannan ai a fili take," ya buga min hatimi a kwafina.

Abin da na ɗauka daga wannan hidima, wanda nake yi yanzu da kowace takardar hukuma, shi ne ba na fara lissafi sai na nemo abu biyu: daga wace rana ake ƙirgawa, kuma wane irin kwana ake nufi. Wata sanarwar daga ranar da aka rubuta ta take ƙirgawa, wata daga ranar da aka karɓa, wata daga ranar da aka buga ta a jarida, kuma ita takardar ce za ta faɗa, galibi a sashen ma'anar kalmomi. Idan daga ranar karɓa ne, ambulan ɗin ma shaida ne, kada a yar da shi. Idan ba ta faɗa ba, sai in ɗauki lissafin da ya fi gajarta in yi aiki da shi, in kuma tambaya a ofis. Haka ma idan ranar ƙarshe ta faɗo a ranar hutu: a wurare da yawa ana ɗage ta zuwa ranar aiki ta gaba, amma ni ba na dogara da hakan sai na gan shi a rubuce. Sannan ina zagaye ƙananan kalmomin da biro, su "sai dai", "ban da", "muddin", "duk da", "da sharaɗin", "bisa tanadin", domin baƙin rubutu mai kauri yana faɗin abin da ya hau kan yawancin mutane ne, wanda halinsa ya bambanta kuwa nasa bayanin yana bayan waɗannan kalmomi. Duk inda sakin layi ya ambaci lambar wani, ina zuwa can in karanta kafin in ci gaba, duk inda na ga tauraro ina sauka ƙasan shafi. Kuma idan sanarwa ta biyu ta fito, ina ajiye ta kusa da ta farko in ga wace lamba ce daidai aka canja.

Kuɗin Afrilu ya shigo tare da na Mayu, cif, ba a rage komai ba. Na sa sanarwar, da ratayenta, da fom mai hatimi, da farar takardar nan mai gida huɗu a cikin leda ɗaya na mayar akwatin Baba. A saman ledar na rubuta ranar da rahoton likita zai cika wata uku, domin sakin layi na 11 ya ce wanda aka tantance a gida za a sake nemansa bayan shekara guda, kuma a lokacin sabon rahoto za a buƙata.